Awon zafi a rumbunan albasar Baffa, daga Afrilu zuwa Mayu 2025

Asabar, 5 ga Afrilu

Yau na gama haɗa kayan a ƙauye. Baffa yana da rumbunan albasa guda biyu kusa da juna a bayan gida, ɗaya rufin kwano ɗaya jinkar ciyawa, kuma duk shekara gardama ake yi kan wanne ya fi riƙe albasa har zuwa lokacin da za ta yi tsada. Bana yana so ya ƙara na uku, shi ne na ce a bar ni in auna kafin a kashe kuɗi.

Kowane rumbu na sa masa akwati mai ƙaramar kwamfutar ESP32 ɗaya, sensar zafi DS18B20 mai doguwar waya na tura ta cikin tarin albasa kamar kamu ɗaya, sai DHT22 na rataye a sama don danshin iska. Duk minti 5 suna tura karatu zuwa ThingSpeak, shafin intanet mai ajiye karatu yana zana hotonsa, ta ƙaramar na'urar intanet da na ajiye a rumbun ciyawa tare da babban batir. Na rumbun kwano ƙaramin sola ne da batir 18650 guda ɗaya da na ciro daga tsohuwar fitila. Minti 5 na nufin karatu 288 a rana, 2016 a sati. Duka da wayoyi da kuɗin mota na kashe wajen dubu 62. Ƙanina zai riƙa leƙawa, ni na dawo Kano.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Data na shigowa daga duka biyun. Na duba a waya sau uku, lafiya lau.

Asabar, 12 ga Afrilu

Sati ya cika, na sauke fayil ɗin CSV na kowanne na buɗe a Excel na ɗauki matsakaici. Rumbun kwano 35.9, na ciyawa 28.7. Bambancin digiri 7.2 ke nan! Nan take na kira Baffa na faɗa masa.

Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce "Kai yaro, kullum fa sai na shiga duka biyun. Na ciyawa ya fi sanyi, ba musu, amma ba irin wannan da kake faɗa ba." Na ce Baffa ai na'ura ce ta auna. Ya ce to na ji, amma ka sake dubawa kafin in sa a yanko ciyawa.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Maganar Baffa ta hana ni sukuni, bayan sallar asuba na buɗe laftof. Abin da ya kamata in fara yi tun jiya shi na yi yau, wato duba mafi ƙanƙanta da mafi girma a kowane shafi kafin a taɓa matsakaici. Mafi ƙanƙanta a rumbun ciyawa: -127. A watan Afrilu, a ƙasar Kano.

Wannan lambar ba zafi ba ce sam. Ita kanta sensar iyakarta daga -55 zuwa 125 ne, ba ta ma iya auna -127. Laburaren DallasTemperature, wanda kod ɗina ke karanta sensar da shi, shi ne yake bayar da ita idan ya kira sensa ba ta amsa ba, ma'ana waya ta saki ko karatun ya lalace a hanya. Na ƙirga, sau 41 ta fito cikin layuka 1990. Za ka ga kamar 41 ba komai ba ne cikin kusan dubu biyu, amma kowace ɗaya tana ƙasa da ainihin zafin da wajen digiri 159, idan ka ninka 41 da 159 ka raba da 1990 za ka samu kusan 3.3. Da na ware su matsakaicin rumbun ciyawa ya tashi daga 28.7 ya koma 32.0. Kusan rabin bambancin da na faɗa wa Baffa jiya waya ce da ta saki.

A rumbun kwano kuma mafi girma 85.0 ne cif, sau 9. Wannan ta fi ba ni tsoro saboda tana cikin abin da sensar za ta iya aunawa, da iyakar takardar sensa na yi amfani da ita wajen tacewa da ta wuce salin alin. 85 ita ce lambar da ke zaune a cikin DS18B20 lokacin da wuta ta shigo mata kafin ta yi awon farko. Awon yana ɗaukar har milisakan 750, ni kuma a kod ɗina na sa setWaitForConversion(false) ban jira ba, to duk lokacin da akwatin ya mutu ya farfaɗo karatun farko 85 ne. Da albasa ta kai 85 ai dahuwa ta yi. Na ware su, kwano ya sauka daga 35.9 zuwa 35.6.

Yanzu bambanci 3.6. Na sa wa kaina doka biyu. Ta farko, duk karatun cikin tari da ya fita daga 10 zuwa 55 a sa masa alama, wannan iyakar wurin ce ba ta sensa ba. Ta biyu, duk tsallen da ya wuce digiri 2 cikin minti 5 a sa masa alama, don tarin albasa abu ne mai nauyi da ruwa a jiki, a hankali yake ɗumi a hankali yake hucewa. Ban goge komai ba, fayil na asali na ajiye shi daban, sabon shafi kawai na ƙara na alama.

Talata, 15 ga Afrilu

Yau na koma kan abin da na gani ranar Lahadi na wuce shi: rumbun kwano layuka 1640 ne kawai, alhali 2016 ake jira. 376 babu su, sama da awa 31 ke nan. A hoton ThingSpeak ban lura ba don layin yana haɗe ɗigo da ɗigo ne kawai, sai ka ga miƙaƙƙen layi ka zaci zafin ne ya daidaita. Excel ma ba zai gaya maka ba, abin da ke nan yake lissafawa, abin da babu ba ruwansa.

Na bar Excel na koma pandas, laburaren Python na sarrafa data:

```python
t = pd.to_datetime(df["created_at"], utc=True)
df["lokaci"] = t.dt.tz_convert("Africa/Lagos")
tazara = df["lokaci"].diff()
print(df[tazara > pd.Timedelta("10min")])
```

Kafin in sa layin tz_convert ɗin, giɓin yana nuna daga 2 na dare zuwa 6 da rabi. Na tambayi ƙanina, ya ce shi dai idan ya fito asuba fitilar akwatin a kashe take, kuma ba ta dawowa sai hantsi ya fara, wajen 7 da rabi. Sai na tuna lokacin fayil ɗin UTC ne, wato agogon duniya, mu kuma muna gaba da awa ɗaya. Da na gyara sai ya yi daidai da maganarsa, daga wajen 3 na dare zuwa 7 da rabi, kowace rana. Tsohon batir ɗin nan ba ya kai wa safiya. Kuma 85 ɗin nan tara duk da safe suka fito, lokacin da sola ya fara kamawa akwatin ya farfaɗo, wata rana ma sau biyu.

Abin da ya dame ni ba yawan giɓin ba ne, lokacinsa ne. Da a warwatse suka ɓace, nan ɗaya can ɗaya, matsakaici ba zai motsa sosai ba. Amma awannin da suka fi sanyi a yini su ne suka ɓace daga rumbun kwano kullum, na ciyawa kuma nasa suna nan. Wato ina gwada rumbun da aka cire wa sanyin asuba da wanda ba a cire masa ba, dole kwano ya fito da zafi fiye da gaskiyarsa.

Na jera duka biyun a kan ma'aunin minti 5 ɗaya, na ɗauki lokutan da kowanne yake da karatu mai kyau kaɗai. A haka ciyawa 32.8, kwano 35.6. Bambanci 2.8. Daga 7.2 zuwa 2.8 a kwana uku, kuma ba abin da ya canja a rumbunan. Shi ma 2.8 ɗin na awannin da suka rage ne, ban san abin da ke faruwa da asuba ba tukuna, kwano yana saurin hucewa da dare, mai yiwuwa a lokacin tazarar ta ragu.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Wani abokina da muka yi makaranta tare ya ce me ya sa ba zan cike giɓin da interpolate() in huta ba. Na gwada don in gani. Layi yake ja daga karatun ƙarfe 3 zuwa na 7 da rabi, kwarin sanyin da ke tsakani bai san da shi ba, amma fayil zai fito cif 2016 kamar ba abin da ya faru, wanda ya karɓa daga hannuna ba zai taɓa sani ba. Ban yarda ba. Na tsayar da cewa giɓin da bai wuce karatu 3 ba, minti 15 ke nan, zan cike in sa masa alama cewa cikewa aka yi. Wanda ya wuce haka a bar shi fanko. Kuma duk ranar da karatunta masu kyau ba su kai 260 cikin 288 ba, ba zan fitar mata da matsakaicin yini ba. Da wannan dokar rumbun kwano ba shi da rana ko ɗaya a satin farko. Abin ya yi min ciwo amma haka ne.

Asabar, 19 ga Afrilu

Na je ƙauye. Batir 18650 sababbi guda biyu dubu 9, na haɗa su a rumbun kwano. A rumbun ciyawa na samu abin da ke kawo -127: inda na murɗa wayar sensa da ƙarin waya na naɗe da salatif, zafi ya narkar da gam ɗin, duk wanda ya shiga juya albasa ya taɓa wayar sai ta saki ta dawo. Na duba lokutan, yawanci da safe ne da kuma bayan la'asar, daidai lokacin da ake shiga. Na yi mata dalma, na kuma matso da resista 4.7k ɗin da ke kan wayar sensar na ɗaure shi sosai.

A kod na sa jira kafin karatu, na kuma ƙara abu biyu da ake turawa: ƙarfin batir, da wata lamba mai ƙirga da ke ƙaruwa da ɗaya duk karatu. Amfaninta shi ne idan giɓi ya zo, in lambar ta yi tsalle daga misali 410 zuwa 422 to akwatin na raye netwok ne ya ɗauke, in kuma ta koma 0 wuta ce ta mutu. Da ba ni da hanyar rarrabe su sai dai in tambayi ƙanina.

Baffa ya tsaya yana kallona ina dalma, ya ce "To malam injiniya, nawa ya koma?" Na ce Baffa wajen uku ne, kuma ban gama ba. Ya gyaɗa kai kawai.

Litinin, 21 ga Afrilu

Rumbu ɗaya karatu 287, ɗayan 288. Ba -127, ba 85. Batir ya kai safiya.

Laraba, 23 ga Afrilu

Duk kwanakin nan zafi nake bi, ban waiwayi danshi ba. Yau na zana shi sai na ga na rumbun kwano a miƙe kamar an ja da rula. Kashi 23.4, tun jiya da rana har yau da safe, awa 19, ko ɗigo bai motsa ba. Na ciyawa kuma yana hawa da dare yana sauka da rana yadda aka sani.

Wannan duk dokokina ba su kama shi ba. 23.4 lamba ce mai kyau a wannan watan, ba ta fita iyaka ba, ba tsalle, ba giɓi, layuka sun cika. Na buɗe kod ɗin akwatin na ga dalili:

```cpp
float h = dht.readHumidity();
if (!isnan(h)) danshi = h;
tura(danshi);
```

Idan DHT22 ta kasa amsawa NaN take bayarwa, wato babu lamba, ni kuma tun farko na rubuta cewa idan haka ta faru a tura karatun baya, don kada hoton ya yanke. To sensar ta daina amsawa tun jiya, akwatin yana ta maimaita lambar ƙarshe da ya sani. Ƙanina ya duba, filogin ya zame rabi, ga ƙura da ɓawon albasa sun cika ƙofofin sensar. Ya hure ya mayar, nan take ta koma 31.

Sensa mai rai ba ta zama shiru, ko iska ba ta canja ba lambar ƙarshe tana ɗan rawa sama da ƙasa. Don haka na rubuta abin da zai ƙirga sau nawa lamba ɗaya ta maimaitu a jere:

```python
s = df["field2"]
rukuni = (s != s.shift()).cumsum()
jere = s.groupby(rukuni).transform("size")
df["makale"] = jere >= 12
```

Wurin zaɓar iyakar ne na ɗan daɗe. Da na sa 6 sai ya kama karatun zafi na cikin tari da yawa da tsakar dare, kuma waɗannan na gaskiya ne, cikin tari zafi yana iya zama wuri ɗaya rabin awa ko fiye. Ƙari a kan haka ni nake yanke lambar zuwa ɗigo ɗaya kafin turawa, alhali DS18B20 tana gani har 0.0625, wato da hannuna nake share 'yar rawar da za ta nuna min tana raye. Na duba kwanakin da na tabbata lafiya suke: mafi tsawon maimaici a danshi 5 ne, a zafin tari 9. Sai na sa 12 ga danshi, awa ɗaya ke nan, 24 ga zafi. Da na gudanar da shi a kan satin farko ya fito min da wasu biyu da ban taɓa gani ba, ɗaya awa 3 ɗaya awa 7, duk a danshin rumbun kwano.

In na je ƙauye zan gyara kod, idan sensa ba ta amsa ba a tura fanko. Gara in ga rami in san rami ne.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Na je na sa sabon kod. Yanzu zafi yana zuwa da ɗigo biyu. Ƙanina zai riƙa hure DHT22 duk Juma'a.

Asabar, 3 ga Mayu

Akwai abin da fayil ba zai taɓa nuna min ba komai yawan tacewa: idan sensa ɗaya tana ƙara rabin digiri kullum, karatunta zai yi kyau, yana hawa yana sauka, ba giɓi ba maƙalewa. Kowace DS18B20 an yarda ta kauce da 0.5 sama ko ƙasa, biyu kuwa za su iya bambanta da digiri guda cur suna wuri ɗaya. Ga mai neman bambancin digiri biyu zuwa uku wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na sayi ƙanƙara ta ɗari biyar na daka, na cika fulas na zuba ruwa kaɗan, na tsoma duka biyun ina juyawa, minti 10. Ta ciyawa 0.06, ta kwano 0.44. Na sake a ruwa mai ɗumi wajen 35 tunda nan ne suke aiki, tazarar ta tsaya 0.4. To zan riƙa cire 0.4 daga ta kwano a wurin lissafi, ba a fayil na asali ba.

Na danshi kuma gwajin gishiri na yi. Gishirin girki a murfin kwalba, a ɗiga ruwa ya jiƙe amma kada ya narke, a rufe shi da sensa cikin roba mai murfi, iskar ciki tana zama kusan kashi 75. Na bar su kwana ɗaya a ɗakin Baffa, sai gobe.

Lahadi, 4 ga Mayu

Ta ciyawa 73, ta kwano 81. Ta farko na karɓa. Ta biyun ita ce wadda ta sha ƙura, shida a sama ya yi yawa, kuma ba ni da tabbacin shidan ne a kashi 25 ma, don gwaji ɗaya a wuri ɗaya kawai na yi. Na canja ta da sabuwa, dubu 5 da ɗari biyar. Duk karatun danshi na rumbun kwano kafin yau na sa masa alamar kada a gwada shi da na ciyawa.

Alhamis, 8 ga Mayu

Ba matsala. Giɓi ɗaya na minti 40 a duka biyun lokaci guda, lamba mai ƙirga ta yi tsallen takwas ba ta koma 0 ba, netwok ne.

Talata, 13 ga Mayu

Da daddare na buɗe sai na ga alamu jajaye sun cika danshin rumbun ciyawa. Daga 34 zuwa 71 cikin ƙasa da awa ɗaya da yamma, dokar tsalle da na sa wa danshi ta kama kusan duka. Zuciyata ta tafi kan sensa ta lalace, har na fara lissafin kuɗin wata. Kafin in taɓa komai na buɗe na kwano, shi ma ya hau a daidai wannan lokacin, 33 zuwa 66. Akwati biyu, batir daban, sensa daban, ba za su lalace minti ɗaya ba. Na kira ƙanina, ya ce hadari ne ya taso da iska mai ƙarfi, aka ɗan yi yayyafi.

Da na sa kod ɗin yana goge duk abin da ya kama da kansa, da yammacin da ya fi kowanne muhimmanci ga albasa ya tafi, don danshi shi ke kawo ruɓa da fitar saiwa idan damina ta kama. Na gyara dokar: idan tsalle ya zo a rumbu ɗaya kaɗai alama ja, idan ya zo a duka biyun cikin minti 15 alama ruwan ɗorawa, in duba da idona in kira gida. Na kuma ba ƙanina ƙaramin littafi ya riƙa rubuta ranar da aka yi ruwa, ranar da aka juya albasa, da ranar da aka kwashi buhu.

Lahadi, 18 ga Mayu

Daga 20 ga Afrilu zuwa jiya kwana 28 ne. Kwana 25 sun cika sharaɗin 260 a duka rumbunan, ukun da suka faɗi ɗaya ranar gwajin ƙanƙara ce, biyu netwok. A kan waɗannan 25 ɗin, bayan cire 0.4, rumbun kwano ya fi na ciyawa zafi da digiri 1.9 a matsakaicin yini. Amma da na raba awa awa sai hoton ya fi fitowa: tsakanin azahar da la'asar tazarar tana kai 4, da asuba kuwa kusan babu, wasu ranakun ma kwano ya ɗan fi sanyi. Wannan asubar ita ce wadda batir ya ɓoye min a satin farko.

Na kai wa Baffa a takarda, rana rana, da waɗanda na cire da dalilin cire su. Ya karanta a hankali ya ce "Wannan ya yi kama da abin da jikina yake ji." Sai ya tambaya ko ciyawar za ta riƙe ruwa idan damina ta zauna, don zafi ba shi kaɗai ke kashe albasa ba. Danshi mai kyau na sati biyu kawai nake da shi, don haka na ce a ba ni zuwa ƙarshen Yuni kafin a yanke maganar rumbu na uku.

Abin da ke gaba: katin SD da agogon DS3231 a kowane akwati don ko netwok ya ɗauke karatu ya zauna a ciki, na kiyasta dubu 14 duka biyun. Sensar zafi ta biyu a kowane tari, can ƙasa kusa da daɓe. Ranar Asabar kuma za mu ware buhu biyar biyar a kowane rumbu mu auna nauyinsu a sikeli, mu sake aunawa duk sati biyu muna ƙirga waɗanda suka ruɓe.